AMSOSHIN TAKARDUNKU: Lambar rangwame, riba take kawowa ko cinikin gobe take jawowa yau?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai shagon abincin kaji a Hanwa, nan Zariya. Ya ce ya kan aika wa abokan cinikinsa wata lamba ta WhatsApp, duk wanda ya zo ya faɗi lambar sai a rage masa naira 1,000 a kowane buhu. Ya ce in ya yi haka shago kan cika maƙil, amma bayan an rufe rangwamen sai wurin ya yi tsit, in kuma wata ya ƙare ba ya ganin kuɗin sun ƙaru. Yana tambaya, ta yaya zai gane ko abin nan riba yake kawo masa?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Da farko mu duba abin da rangwamen yake ci. Mu ƙaddara kana saro buhu a kan naira 18,000, kana sayarwa 20,000. Ribarka 2,000 ke nan. In ka rage 1,000, a idon mai saye ɗan ragi ne, biyar cikin ɗari kawai, amma a aljihunka rabin riba ce ta tafi. Wato sai ka sayar da buhu biyu kafin ka sami abin da buhu ɗaya yake ba ka a da. Yawancin 'yan kasuwa da farashi suke auna rangwame, alhali da riba ya kamata a auna shi.

Sa'an nan waɗanda suka zo da lambar ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda dama yau zai sayi buhunsa, ko da lamba ko babu, shi wannan kyauta ka yi masa. Akwai wanda sai mako mai zuwa abincin kajinsa zai ƙare, amma ya ga araha ya kwashi buhu huɗu ya ajiye. Kajinsa ba su ƙara ci ba don an yi rangwame, saboda haka ba za ka sake ganinsa ba sai ajiyar ta ƙare. Na ukun shi ne wanda da can a Sabon Gari ko Samaru yake saye, ko wanda ba shi da niyyar saye sam, lambar ce ta kawo shi. Wannan na ukun kaɗai ne sabon ciniki. Ba a Hanwa kaɗai abin yake haka ba. A shekarar 2004 wasu masana harkar kasuwanci su uku, van Heerde da Leeflang da Wittink, sun bi lissafin manyan kantuna, suka gano cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarin cinikin da rangwame kan jawo, an aro shi ne daga makonnin da ke gaba da bayan rangwamen.

Ga yadda za ka auna naka. Kada ka kwatanta wannan wata da watan da ya wuce, domin kasuwar kaji tana da lokutanta. In masu kiwo sun zuba 'yan tsaki don salla ko Kirsimeti, ciniki zai tashi ko ba ka rage ko kwabo ba, sai ka ɗauka lambar ce ta yi aiki. Abin yi shi ne ka raba abokan cinikinka gida biyu, ka auna su a lokaci guda. Mu ce kana da mutum 200 a littafinka. Ka dubi lambar ƙarshe ta wayar kowa: masu 0, 2, 4, 6, 8 gida ɗaya, sauran gida ɗaya. Za su tashi wajen ɗari-ɗari. Kada ka zaɓa da son rai, domin in ka tura wa manyan masu saye, ka bar ƙanana, awon ya lalace tun ba a fara ba. Gidan farko ka aika masu lambar, na biyun kada ka aika masu kome. Daga nan duk wanda ya sayi kaya a rubuta sunansa da rana da yawan buhu da abin da ya biya.

Inda mutane suke kuskure shi ne su rufe littafi ranar da rangwame ya ƙare. A'a, bayan nan ne gaskiya take fitowa. In rangwamen na mako biyu ne, ka ci gaba da rubutu har mako huɗu bayansa, ko dai har ajiyar da aka yi ta ƙare, mutane sun koma saye yadda suka saba.

Bari mu yi misali. Gidan da ba a ba lamba ba suna sayen buhu 50 kowane mako. A mako biyun farko sun sayi 100, a mako huɗun baya 200, jimla 300. Ribarsu naira 600,000. Gidan da aka ba lamba kuwa, a mako biyun farko sun sayi buhu 170. Duk wanda ya tsaya nan zai ce madalla, an sami ƙarin buhu 70. Amma a mako huɗun baya buhu 150 kawai suka saya maimakon 200. Ka ga ke nan 50 daga cikin 70 ɗin nan cinikin gaba ne aka jawo, ƙarin gaskiya buhu 20 ne kacal. Ribar fa? Buhu 170 a kan riba 1,000 ya ba da 170,000, buhu 150 a kan 2,000 ya ba da 300,000, jimla 470,000. Kaya sun fi fita, yaran shago sun fi shan wahala, amma an yi ƙasa da naira 130,000. Shi ya sa Alhaji ba ya ganin kuɗin a ƙarshen wata.

Sai dai a kula da abu biyu. Lamba ba ta zama wuri ɗaya, da an zauna majalisa wani ya faɗa wa wani, sai ka ga 'yan gida na biyu ma sun zo da ita. Maganinsa, ka ce lambar tana aiki ne da wayar da aka aika wa kawai, kuma sau ɗaya. Na biyu, in mutanen naka ba su da yawa, kamar ashirin ko talatin, mai babbar gona guda ɗaya ya isa ya karkatar da lissafi. Irin wannan a ware shi gefe, kuma a maimaita awon sau biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

A ganinmu, abincin kaji da taki da shinkafa, wato kayan da ake iya ajiyewa kuma bukatarsu ba ta ƙaruwa don sun yi araha, su ne rangwamen kowa-da-kowa ya fi cutarwa. In kuma ka mai da shi al'ada, duk ƙarshen wata, masu saye za su gane, su riƙa jira. Ya fi kyau ka keɓe lambar ga wanda bai taɓa saye ba, ko wanda ya yi wata uku bai leƙo ba, ka kuma taƙaita ta ga buhu biyu. Su ma ka duba ko sun dawo sun saya a cikakken farashi, ka kuma sa ido, don tsohon mai saye ya kan aiko yaronsa da sabuwar waya.

Akwai lokacin da jawo cinikin gaba ba laifi ba ne. In abincin ya daɗe a sito, damina ta sa ya fara jan danshi, ko kana bukatar kuɗi a hannu kafin motar kaya ta iso, to ka rage ka sayar. Amma a littafi ka rubuta wannan ragin a ɓangaren abin da ka kashe, kuma ka rage yawan buhun da za ka saro na makonnin da ke biye, domin ciniki zai ja baya. Alhaji, in ka gwada muna jiran takardarka mu ji yadda lissafin ya kaya.