Sanarwar Gayyar Shara: Hoto Huɗu Sun Isa Su Fito Da Matasan Unguwa

Damina na ƙaratowa, kwatar layinku ta cika da ledar ruwa da yashi, ƙungiyarku ta matasa ta yanke shawarar yin aikin gayya. Da yake kai ne ka iya sarrafa waya, sai aka ce ka haɗa sanarwa, irin jerin hotunan nan da ake shafawa ɗaya bayan ɗaya a Instagram ko Facebook. To, ka sani fa, yawan waɗanda za su fito ranar ya danganta da abin da ka rubuta, ba da kyan kalar da ka zaɓa ba.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, jerin nan ba ya zama a haɗe. Wani zai ɗauki hoto ɗaya kawai ya ɗora a WhatsApp, wani ya tura na uku a zauren 'yan layi, ya bar sauran. Saboda haka kowane hoto sai ya ɗauki rana da lokaci da wurin haɗuwa, ko da a layi ɗaya ne daga ƙasa. Kuma kada ka rubuta "gobe" ko "wannan Asabar". Hoto yana iya yin mako biyu yana yawo, wanda ya gan shi a makare ba zai san wace goben ake nufi ba. Rubuta sunan ranar da kwanan wata.

Mu ɗauki unguwa a cikin birnin Kano. A nan an saba yin tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kuma a sa'o'in ana taƙaita zirga-zirgar ababen hawa. Idan kun ɗora gayyarku a kan wannan rana, kun samu mutane a gida, amma ba mai samun adaidaita sahu. Ke nan wurin haɗuwa dole ya zama inda za a iso a ƙafa.

Hoto na farko shi ne kira: "Gayyar yashe kwata, Asabar, 7:00 na safe." Sunayen shugabannin ƙungiya da hotunansu su jira, ba su ne labarin ba.

Hoto na biyu na lokaci da wuri ne. Ka sa lokacin farawa da na tashi, domin mai shago da ɗalibin Islamiyya suna son sanin yaushe za a sake su. "Bakin masallaci" ba wuri ba ne a unguwar da ke da masallatai biyar. Ka ce ƙofar gidan mai unguwa, ko gindin taransifoma, sannan ka ɗauki hoton wurin da wayarka ka sa. Sai dai kafin ka ambaci ƙofar mai unguwa, ku je ku gaishe shi ku nemi izini. Ba daɗi dattijo ya fara ganin sunan gidansa a wayar jikansa.

Hoto na uku shi ne na kayan aiki, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Idan ka ce "kowa ya zo da kayan shara", mutum 30 za su zo da tsintsiya 30, alhali tsintsiya ba ta yashe kwata. Raba kayan: layi na ɗaya shebur, na biyu manjagara, na uku baro da buhuna. Kowa kuma ya zo da safar hannu da takalmi rufaffe, don a cikin kwata akwai fasasshiyar kwalba da tsatsattsen ƙarfe. Wanda zai zo da silifas, a ba shi rabon ruwan sha.

Hoto na huɗu ya amsa tambayar da manya za su yi: ina za a kai sharar? Idan an tara ta a bakin kwata aka watse, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito, an yi aikin baban giwa. Ku tuntuɓi hukumar kwashe shara ta REMASAB tun da wuri, ko ku shirya da masu kura su kai ta bola, sannan ka rubuta abin da aka tsayar.

Ka saki jerin saura mako guda, ka sake ɗora shi ranar Juma'a da yamma, tunda abin da aka ɗora a Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24. Kafin nan, miƙa wa ƙaninka wayar ya kalli hoto ɗaya kacal, ka tambaye shi: yaushe ne, a ina, da me zai zo? In ya yi inda-inda, koma ka gyara.