Yadda ake bayanin sabulun man kaɗanya ga wanda bai taɓa saya ba

A kasuwa, mai sayen sabulu yakan ɗauke shi ya jinjina nauyinsa, ya kai hanci ya sansana, ya danna da yatsa ya ji taurinsa, sannan ya tambayi mai kaya abin da ya shige masa duhu. A shagon intanet kuwa, ko a Instagram ne, ko WhatsApp, ko Jumia, hoto ne kawai da ’yan layuka a ƙarƙashinsa. Waɗannan layukan su ne suke maye gurbin hanci da hannu. Aikinsu ya fi nauyi idan mai sayen bai taɓa wanka da sabulun man kaɗanya na gida ba, domin da sabulun kanti zai gwada shi, alhali kuwa halinsu ba ɗaya ba ne.

Abu na farko da bayanin zai faɗa shi ne abin da ke cikin sabulun, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. Sau da yawa akan rubuta “man kaɗanya zalla, ɗari bisa ɗari”. Wannan magana ba ta tsayuwa. Mai ba ya zama sabulu sai an haɗa shi da ruwan soda, ko ruwan toka kamar yadda ake yi wa sabulun salo. Ban da haka, sabulun da aka yi da man kaɗanya kaɗai ba ya kumfa sosai, shi ya sa masu sana’ar suke ƙara man kwakwa ko alayyadi.

Ga misalin haɗi guda. Mai sana’a ta auna man kaɗanya giram 400, man kwakwa giram 300, man zaitun giram 300, wato kilo ɗaya na mai. Wannan zai ci soda kusan giram 140 da ruwa kusan giram 330, haɗin duka ya kai wajen giram 1,470. Man kaɗanya shi ne kashi 40 cikin 100 na mayukan, amma idan aka auna shi da dukan haɗin bai kai kashi 30 ba. Don haka jimlar gaskiya ita ce “kashi 40 cikin 100 na man da aka yi shi da shi man kaɗanya ne”. Wannan adadi ba abin ɓoyewa ba ne, domin a harkar sabulu kashi 40 rabo ne mai tsoka. Haka soda, bai kamata a share sunanta don gudun tsorata mutane ba. Idan awo ya yi daidai, takan ƙare ne a cikin haɗuwarta da mai, kuma faɗin hakan a jimla ɗaya ya fi barin mai saye ya ji daga baya.

Nauyi ma yana da tasa matsalar. Idan aka yanka wancan haɗin gida 12, kowace ƙwaya za ta kai kusan giram 120 a ranar yanka. Sai dai sabulun da aka yi ba tare da dafawa ba yana buƙatar mako 4 zuwa 6 a shanye a inuwa, inda iska ke ratsawa, kuma a wannan lokaci ruwan jikinsa yana fita, ya yi tauri, ya rage nauyi. Ƙwayar kan iya komawa giram 110 ko ƙasa da haka. Wanda ya rubuta nauyin ranar yanka ya yi alkawarin abin da ba zai iso hannun mai saye ba. A auna bayan ya bushe, kuma a saka kalmar “kusan”, tunda yankan hannu ba ya zuwa daidai wa daida.

Daga nan sai abubuwan da za su ba sabon mai saye mamaki, kuma wannan ɓangaren ne ya fi cancantar a ba shi wuri. Man kaɗanyar da ba a tace ba, irin wanda mata suke kaɗawa a ƙauyukan jihar Neja da Kwara ko a kewayen Tamale a Ghana, yana da ɗan ƙaurin hayaƙi da ƙamshin ƙwara, launinsa kuma tsakanin fari-fari ne da ruwan ƙwai. Wanda ya tashi da shi ya san haka yake. Wanda ya saba da sabulu mai turare kuwa, yana buɗe takarda sai ya ɗauka kayan ya lalace. Haka kumfarsa, mai laushi ce kamar kirim, ba ta tashi tuli, kuma takan ƙara raguwa a ruwan rijiya mai zartsi. Wani lokaci farin gari-gari yakan fito a saman ƙwayar yayin bushewa, wanda ba ya cutarwa kuma wankin farko yake tafiya da shi. Sannan idan aka bar shi a jiƙe a cikin kwandon wanka, narkewa yake yi da wuri. Duk wanda aka gaya wa waɗannan tun kafin ya biya, ba zai dawo da ƙorafi a kansu ba.

Idan aka tattara, bayanin wancan sabulu zai iya zama haka:

“Sabulun wanka na man kaɗanya, aikin hannu, kusan giram 110. An yi shi da man kaɗanya wanda ba a tace ba (kashi 40 na mayukan), man kwakwa, man zaitun, ruwa da soda, aka shanya shi mako 6. Ba turare, ba kala, don haka za ku ji ɗan ƙamshin kaɗanya. Kumfarsa mai laushi ce, ba mai yawa ba. Ba ya sauya launin fata. Ku ajiye shi inda ruwa zai tsane bayan wanka. Idan fatarku ba ta son sabon abu, ku fara gwadawa a cikin dantse ku jira kwana ɗaya.”

Kalmomin ba su kai 90 ba, kuma an jera su da niyya. Layin farko ya ɗauki suna, amfani da nauyi, domin a waya sau da yawa shi kaɗai ake gani kafin a taɓa don buɗe sauran. An yi magana da “ku”, wanda ya haɗa mace da namiji kuma yake ɗauke da ladabi. Jimlar launin fata ma tana da dalili: a kasuwar da mayukan bilicin suka cika, akwai mai neman sabulun da zai sa shi fari, akwai kuma mai gudunsa, kuma gara kowannensu ya san matsayinsa tun da wuri.

Abin da bayanin bai faɗa ba shi ma zaɓi ne. Babu “yana maganin ƙyasbi, makero da ƙuraje”. Makero da ƙyasbi cututtukan fata ne masu buƙatar magani, sabulu kuwa minti ɗaya ko biyu yake yi a jiki a ɗauraye shi. Wanda ya saya don warkewa zai ɓata lokaci, cutar tana yaɗuwa. Iyakar abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne sabulun da aka bar masa ɗan rarar mai bai cika barin fata da bushewa ba, abin da ake ji sosai a lokacin hunturu. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar sabulu da kayan shafa. Mai lambar rajista ya rubuta ta a ƙarshen bayanin, wanda ba shi da ita kuma kada ya ari sunan hukumar.

Farashi da kuɗin aike sukan zo a layi na daban, a fili, tare da adadin ƙwayoyin da kuɗin ya ƙunsa, domin hoton da ya nuna ƙwaya uku yakan sa a zaci na ukun ne. Idan sabon zubi ya fito da launi dabam, kamar yadda yakan faru idan an canza wurin sayen mai, sai a sake hoton, a sake auna ƙwayar, a gyara adadin da ke layin farko.