Idan Murhun Indakshan Ya Ƙi Karɓar Tukunya

Wata ƙanwata ta kira ni da maraice, muryarta duk ba daɗi. Mijinta ya sayo mata sabon murhun lantarki mai fuskar gilashi, irin wanda ake kira indakshan, domin kuɗin gas ya ishe su. Ta jona shi, fitilunsa suka kawo, ta ɗora tukunyar da ta saba dafa shinkafa, sai kawai ya shiga kuka "tit, tit, tit", yana nuna E0. Kafin minti ɗaya ya kashe kansa. Ta canza tukunya, ya sake ƙi. A ganinta an sayar musu da mataccen kaya, har sun shirya mayarwa kasuwa washegari. Na ce ta dakata in zo. Abin da na riƙo kawai shi ne maganaɗisun da na ciro daga wata tsohuwar sifikar rediyo, da rular 'yan makaranta.

Kafin in faɗi abin da muka gano, ya kamata a san cewa wannan murhu ba ya yin zafi da kansa. Risho da gas da gawayi duk wuta suke kunnawa a ƙarƙashin tukunya, kowace iri ce kuwa. Shi indakshan, a ƙarƙashin gilashinsa akwai wayar jan ƙarfe da aka naɗe kamar faifai. Lantarki na bi ta cikinta yana juya alkibla fiye da sau 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan juyi kuma shi ke haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa gilashin ya shiga ƙasan tukunya. A cikin ƙarfen tukunyar ne zafin ke tashi. Wato tukunyar ita ce rabin murhun. Shi ya sa kafin ya saki wuta sosai sai ya fara gwadawa: yana aika ɗan ƙaramin lantarki, ya auna yadda abin da ke samansa ya amsa. In amsar ta gamsar da shi, ya ci gaba. In ba ta kai ba, ya ɗauka babu kowa a kai, ya yi kuka ya tsaya. An yi masa haka da gangan, don kada a manta cokali ko wuƙa ko makulli a kansa su yi ja, yaro ya zo ya ɗauka.

Alamar da yake nunawa ta danganta da kamfani. Da yawa daga cikin ƙananan murahun da ake ɗorawa a tebur suna nuna E0, wasu E1. Manyan da ake kafawa a kicin sukan nuna alama mai kama da harafin U da layi a ƙasansa, ko lambar zafin ta riƙa ƙiftawa. Littafin da ya zo cikin kwalin shi ke fayyace ma'anar kowace lamba, don haka kada a jefar da shi tare da leda.

Tukunyar farko da ƙanwata ta ɗora irin tamu ce ta gargajiya, wadda maƙera ke narka alminiyon su zuba. Na manna mata maganaɗisu a ƙasa, ya zame ya faɗi. Nan take magana ta ƙare. Alminiyon ba ya kama maganaɗisu, kuma lantarki na ratsa shi da sauƙi ƙwarai, har murhun ba ya samun tirjiyar da yake buƙata ya mayar zafi. Haka tukunyar jan ƙarfe, balle ta ƙasa da ta gilashi da tangaran. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa matsalar ta yi yawa a gidajenmu, domin kusan duk tukwanen tuwo da miya da muka gada na alminiyon ne. Akwai wasu murahun indakshan na musamman, irin waɗanda kamfanin Panasonic na Japan ke yi, da ke iya dafa abinci da alminiyon, amma ba su ne suka cika kasuwa ba.

Ta biyu ce ta fi ba ta mamaki, domin daga cikin kayan aurenta ta fito, silba mai ƙyalli da nauyi. A ƙasanta an buga 18/10. Waɗannan lambobi na nufin kashi 18 cikin ɗari na ƙarfen sinadarin kuromiyam ne, kashi 10 kuma nikel, kuma nikel ɗin nan yana sauya tsarin ƙarfen ya hana shi kama maganaɗisu. Silbar da aka buga wa 18/0, wadda ba ta da nikel, ita takan kama. Don haka tsadar tukunya ko ƙyallinta ba hujja ba ne. Sai dai a nan akwai wurin da mutane ke yin kuskure. Tukwanen silba masu kyau da yawa jikinsu 18/10 ne, amma an liƙa musu wani faranti mai kama maganaɗisu a ƙasa. Wanda ya gwada a gefe zai ce ba ta yi, alhali tana yi. A kife tukunyar, a gwada ƙasanta ta waje, wurin da zai zauna a kan gilashi.

Yadda maganaɗisun ya kama ma abin lura ne. In ya ɗafe da ƙarfi har sai an ɗan ja shi kafin ya saki, tukunyar za ta yi aiki. In ya ɗan liƙe sama-sama, girgiza kaɗan ta kayar da shi, to wannan ita ce tukunyar da ke wahalar da mai girki: yau murhu ya karɓe ta, gobe ya ƙi, ko ya karɓa amma ruwa ya daɗe bai tafasa ba. Ta ƙanwata haka ta yi, ja kaɗan kamar mai jin kunya. Kuma a nemi maganaɗisu mai tauri, ba irin lallausan nan mai lanƙwasuwa da ake mannawa a jikin firji don ado ba, wanda rauninsa kan sa a yi wa tukunya mai kyau ƙazafi. Waɗanda suka fi cin wannan jarrabawa su ne kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi, da kaskon suya na ƙarfe zalla, da tukwanen samira, tunda ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin. Wasu kamfanoni kan buga hoton waya mai lauje-lauje a ƙasan tukunya, alamar an yi ta don indakshan.

Abu na uku da ta fito da shi shi ya fi koya mini darasi. Kaskon suya ne irin wanda abinci ba ya kamawa, kuma a kwalinsa an rubuta yana aiki a indakshan. Maganaɗisu ya ɗafe a tsakiyarsa sosai. Duk da haka murhu ya ƙi shi. Na riƙa jan maganaɗisun a hankali daga tsakiya zuwa gefe, sai na ji ya saki tun ban kai ƙarshen ƙasan ba. Ashe jikin kaskon alminiyon ne, an dasa masa ɗan farantin ƙarfe mai huji-huji a tsakiya kawai. Muka sa rula. Bakin kaskon santimita 24, wanda shi ne girman da ake rubutawa a kwali. Ƙasan da ke taɓa gilashi santimita 17. Farantin da ke kama maganaɗisu kuwa santimita 10 kacal. Littafin murhun ya ce mafi ƙarancin faɗin da yake ganewa santimita 12 ne. A wurin murhun, wannan kasko mai 24 ɗan kofi ne mai 10, saboda shi ba ruwansa da baki ko hannu ko marfi. Faɗin ƙarfen da ke amsa masa kawai ya sani.

Santimita biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin fili ake lissafawa. A manyan murahu masu ido uku ko huɗu, idanun sukan kasance kamar santimita 14 da rabi, da 18, da 21. Ka ɗora tukunya mai ƙasan santimita 12 a kan ido mai 21: 12 sau 12 ya ba da 144, 21 sau 21 ya ba da 441, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na idon kawai ta rufe. Ga ido yana tsammanin ya wadata, amma yawancin wayar da ke ƙasa ba ta da abokin aiki. Maganin mai sauƙi ne: a mayar da ƙaramar tukunya kan ƙaramin ido, a daidaita ta a tsakiyar da'irar da aka zana. Sau da yawa butar shayin da babban ido ya ƙi, ƙaramin yakan karɓe ta nan da nan. Tukunyar da ta fi ido girma sosai kuma za a gane ta, sai dai tsakiya ce za ta yi zafi, gefe ya yi sanyi-sanyi, miya ta kama a wuri ɗaya.

Bayan irin ƙarfe da faɗinsa, sai kusanci. Ƙarfin maganaɗisun yana raguwa da sauri da zarar an ɗaga daga gilashin. Tukunya mai zagayayyen gindi, wadda aka yi don ta zauna a kan duwatsun murhu, ko da ta baƙin ƙarfe ce, ɗan wuri kaɗan ne nata ke taɓa gilashi. Haka wadda ta sha wutar itace ƙasanta ya kumbura, har tana rawa in an ajiye ta. A kife ta, a gicciya rula a kai. Ɗan lotsawa kaɗan a tsakiya ba laifi ba ne, da gangan ake yin sa saboda ƙarfe na buɗewa in ya ji zafi. Amma in rular na lilo a kan tudu, tukunyar ta koma wa gas.

Ana sayar da wani faranti na ƙarfe da ake sawa tsakanin murhu da tukunyar alminiyon. Yana aiki, amma ban cika ba da shawararsa ba. Farantin ne ke ɗaukar zafi sannan ya miƙa wa tukunya, girki ya yi jinkiri, wuta ta ƙara tafiya, gilashin kuma ya yi zafi har wani lokaci murhun ya kashe kansa don kariya. Ga wanda ba ya son rabuwa da tukwanensa na alminiyon, gara tun farko ya sayi murhun gilashi irin wanda ke yin ja in an kunna. Su biyun sun yi kama a ido, amma mai yin ja zafi yake bayarwa kai tsaye, yana karɓar duk tukunya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa.

A ƙarshe ƙanwata ta aro wata tukunyar samira mai faɗin santimita 18 daga maƙwabciyarta. Muka zuba ruwa, muka ɗora, kukan ya tsaya, fanka ta tashi, ba a jima ba ruwa ya fara ɓararraka. Murhun lafiyarsa ƙalau.

Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ke raba gardama. In tukunyar da maganaɗisu ya kama da ƙarfi, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai isasshen faɗi, ta yi aiki a ido ɗaya ta ƙi a wani, ko ta yi a murhun maƙwabta ta ƙi a naku, to laifin ya koma kan murhu. A cire shi daga soket na 'yan mintuna a sake jonawa, a kuma tabbatar wutar da aka kawo ba mai rauni ba ce, domin ƙarancin ƙarfin wuta ma yana sa shi kuka, ko da yake yawanci da wata lambar daban. In bai daidaita ba, a kai wa mai gyara. Kada a kwance shi a gida, saboda akwai kayan cikinsa da ke riƙe lantarki ko bayan an cire waya. In kuwa gilashin ya tsage, a daina amfani da shi gaba ɗaya.

'Yar'uwa, in za ki shiga kasuwa sayen tukunya don wannan murhu, ki saka maganaɗisu da rula a jakarki. Ki kife tukunyar a gaban mai shago, ki ja maganaɗisun daga tsakiya har gefe, ki auna iya inda ya kama, sannan ki biya kuɗi.