Yadda ake raba aikin gabatar da tarihi a rukuni da adalci: misali daga ƙaurar Tafkin Kainji a ƙasar Yauri

A manyan makarantu an saba malamin tarihi ya haɗa ɗalibai biyar ko shida, ya ba su batu guda, ya ce su gabatar da shi a gaban aji cikin minti ashirin, maki kuma na kowa ne. Matsala biyu ce ta fi kayar da irin wannan rukuni. Ta farko, mutum ɗaya ko biyu su ɗauki nauyin aikin, sauran su ci maki a ɓagas. Ta biyu, a zo ranar gabatarwa a tarar sassan suna ƙaryata juna. Duka biyun daga ranar rabon aiki suke farawa, kuma a ranar ne ake iya maganinsu.

Tarihin Madatsar Kainji da ƙaurar mutanen ƙasar Yauri misali ne da ke nuna hakan sarai. An fara ginin madatsar a kan Kogin Kwara a 1964, ruwa ya taru ya zama tafki a 1968, ya shanye tsibirai da garuruwan bakin kogi, har da tsohuwar Bussa. A ɗauka ɗalibai biyar ne a Yelwa aka ba wannan batu, da wa'adin mako uku.

Rabon da ake gani kamar adalci ne

Abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne a raba aikin bisa taswira. Masarautar Yauri ƙananan hukumomi uku ce, Yauri da Ngaski da Shanga, don haka sai a ce mutum uku su ɗauki ɗaya ɗaya, na huɗu ya yi gabatarwa, na biyar ya yi kammalawa. A takarda rabon ya yi daidai, amma a aikace ba haka ba ne. Ruwan tafkin bai taɓa yankunan uku daidai wa daida ba, saboda haka wanda ya samu Ngaski, inda gaɓar tafkin take da tsawo, zai sha aiki fiye da wanda ya samu Shanga da ke can sama da kogin. Sannan kowanne daga cikin ukun zai ga dole ya fara da bayanin yadda aka gina madatsar, sai aji ya ji labari guda sau uku. Masu gabatarwa da kammalawa kuwa ba su da abin rubutawa sai sauran sun gama.

Rabon shafuka ma haka yake. Shafi biyu da aka tsamo daga littafi aikin yamma ɗaya ne. Shafi biyu da aka samo daga bakin dattawa a Warra suna buƙatar kuɗin mota, da neman izinin mai gari, da zaman hira, da kwafe abin da aka naɗa, wanda hirar awa guda kan ci awa uku ko huɗu kafin a gama rubuta ta. Ma'aunin adalci a nan shi ne lokaci da kuɗin da kowa ya kashe.

Raba tambayoyi, a auna su da awa

Hanyar da ta fi dacewa ita ce rukunin ya fara amincewa da jumla ɗaya da gabatarwar za ta kare. Misali: tafkin ya sauya inda mutanen kogi suke zaune da abin da suke ci da shi, kuma shawarar ba a hannunsu aka yanke ta ba. Daga wannan jumla sai a ciro tambayoyi huɗu. Su wa ke zaune a tsibirai da bakin kogi kafin 1968, kuma da me suke rayuwa? Wa ya yanke shawarar gina madatsar, don me? Yaya aka yi ƙaurar? Me ya sauya bayanta a noma da kamun kifi da sufurin ruwa?

Sai a zauna tare a ƙiyasta awannin da kowace tambaya za ta ci. Ta farko aikin karatu ce: rubuce-rubucen Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, kan tarihin Yauri, da na Frank Salamone kan Gungawa. A ba ta awa 12. Ta biyu gajera ce domin bayananta a tattare suke, awa 4 sun isa. Ta uku ita ce mai nauyi saboda hira da tafiya, awa 24. Ta huɗu awa 12. Akwai kuma aiki na biyar da yawancin rukunoni ke mantawa su lissafa, wato haɗa sassan, wanda zai ci kamar awa 8. Jimla awa 60 ke nan, kowa 12.

Da wannan lissafi rabon ya fito da kansa. Mutum ɗaya ya ɗauki tambayar farko, biyu su haɗu a kan ta uku, ɗaya ya ɗauki ta huɗu, na biyar ya ɗauki ta biyu tare da aikin haɗawa. Kuɗin mota kuwa karo-karo ne na duk biyar ɗin, domin hirar ta rukuni ce. Idan akwai mai jin harshen Reshe ko Kambari a cikinsu, shi ya fi dacewa da hirar, amma fassarar da zai yi ita ma aiki ce, a lissafa masa ita cikin awanninsa.

Minti ashirin ɗin ma a raba su bisa nauyin bayani: biyu na buɗewa, huɗu ga tambayar farko, biyu ga ta biyu, bakwai ga ta uku, huɗu ga ta huɗu, ɗaya na rufewa. Mai haɗawa zai yi magana minti biyar, masu hira uku da rabi kowanne, sauran biyun huɗu huɗu.

Takardar yarjejeniya kafin a fara rubutu

Haɗa sassa ba ya yiwuwa a daren ƙarshe idan kowa ya yi rubutu da nasa sunaye da shekaru. Don haka kafin a watse, rukunin ya rubuta takarda guda mai shafi ɗaya, kowa ya riƙe kwafi. A batun Kainji akwai wurare huɗu da ake yawan tuntuɓe.

Na farko shekara. Wani littafi zai ce 1968, wani ya ce 1969, kuma babu wanda ya yi ƙarya: a 1968 aka kammala ginin ruwa ya taru, a farkon 1969 aka yi bikin buɗewa zamanin Janar Yakubu Gowon. Idan ɗalibi ɗaya ya faɗi ta farko, wani ya faɗi ta biyu ba tare da bayani ba, aji zai ɗauka ɗayansu ya yi kuskure. Takardar ta fayyace wace shekara ce ta wane abu.

Na biyu sunan hukuma. Babu Jihar Kebbi a lokacin ƙaurar, sai a 1991 aka ƙirƙire ta. Lokacin da aka fara ginin, Yauri tana Lardin Sakkwato ne a Jihar Arewa. Daga 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 kuma Jihar Sakkwato. Ita kanta madatsar tana ƙasar Borgu, wadda a 1968 ke cikin Jihar Kwara, yanzu kuma tana Jihar Neja. Wanda ya ce gwamnatin Kebbi ta tashi mutane a 1968 ya ɗora laifi a kan hukumar da ba a haifa ba tukuna.

Na uku sunayen wurare da na al'umma. Yauri sunan masarauta ne, Yelwa hedikwatarta ce, Birnin Yauri kuma tsohon mazaunin sarauta ne, gari daban. Gungawa suna ne da Hausawa suka ba mutanen tsibirai, daga kalmar gungu, alhali harshensu Reshe ne. Rukunin ya zaɓi sunan da zai yi amfani da shi, ya bayyana ɗayan sau ɗaya a farko, kada sashe na ɗaya da na uku su zama kamar suna maganar al'ummu biyu.

Na huɗu adadi. Adadin da aka fi ambata na mutanen da aka sake wa matsuguni shi ne kimanin 44,000, amma wannan na duk kewayen tafkin ne, har da ɓangaren Borgu. Mai sashe na uku ba zai ce mutanen Yauri 44,000 aka tasa ba.

Aikin mai haɗawa

Sassan su iso hannun mai haɗawa aƙalla kwana biyar kafin gabatarwa. Karatunsa na farko na neman maimaici ne. Bayanin ginin madatsar ya zauna a sashe na biyu kaɗai, duk inda ya sake bayyana a cire shi. Karatu na biyu na gwada kowane suna da shekara da adadi da takardar yarjejeniya ne. Na uku na ɗinki ne: ƙarshen kowane sashe ya buɗe ƙofar na gaba. Idan sashen farko ya ƙare da noman albasa da kamun kifi a tsibirai, na biyu ya fara da cewa waɗannan tsibiran ne shirin samar da lantarki ya nufa da ruwa.

Akwai iyakar da bai kamata ya ƙetare ba. Yana da ikon daidaita rubutun suna da rage tsawo, amma ba shi da ikon sauya abin da mai sashe ya gano sai da saninsa. Wannan ya fi muhimmanci inda majiyoyi suka saɓa. Idan rahoton hukuma ya yaba sababbin gidajen da aka gina, wani dattijo kuma ya ce gidan da aka ba su bai dace da yawan iyalinsu ba, kuskure ne a goge ɗaya don labari ya tafi sumul. Saɓanin rubutun suna gyara yake buƙata, saɓanin shaida kuwa shi ne tarihin. A kawo su duka biyu, a faɗi wanda ya ce me da lokacin da ya faɗa, kuma kada a ambaci sunan wanda aka yi hira da shi sai da yardarsa.

Yadda ake gane ko haɗin ya yi

Gwajin mai sauƙi ne. Kwana biyu kafin ranar, a karanta gabatarwar gaba ɗaya da agogo a hannu, kowa ya karanta sashen da ba nasa ba. Inda mai karatu ya tsaya yana tambayar me ake nufi, nan aji ma zai ɓace. Sannan a jefa wa kowa tambaya daga sashen wani. Idan mai sashen noma da kamun kifi bai iya faɗin jihar da Yelwa take ciki a 1968 ba, to har yanzu sassa biyar ne aka jera, ba a haɗa su ba.

A ƙarshen rubutun da za a miƙa wa malami, rukunin ya ƙara rabin shafi da ke nuna wanda ya yi kowane aiki da awannin da ya ci, kowa ya sa hannu. Idan tun ranar farko an san za a rubuta wannan shafi, mai niyyar laɓewa a bayan 'yan'uwansa ya san sunansa zai fito babu komai a gabansa, malami kuma yana da abin dubawa idan ƙorafi ya taso bayan an ba da maki.