Farin Dabbaren Gilashin Wanka da Kan Famfo: Ba Ƙarfin Hannu Ke Fitar da Shi Ba

A gidajen da ake amfani da ruwan bohol ko na rijiya, gilashin wurin wanka ba ya daɗewa da ƙyallinsa. Wata biyu ko uku sai ka ga ya yi hazo, an wanke an goge amma da ya bushe farin ya dawo. Kan famfo kuma ya yi wani ɓawo fari mai kaushi a wuyansa da bakinsa. Uwar gida takan ɗora laifin kan mai aiki, mai aiki ta ƙara omo ta ƙara ƙarfin dirza, ƙarshe a ɗauko soson ƙarfe a kankare famfon har ya dushe. Alhali tun farko matsalar ba ta ƙarfi ba ce. Datti iri biyu ne suka hau kan juna, kuma abin da ke narkar da ɗaya ba lallai ne ya fitar da ɗayan ba.

Na farko daga ruwan kansa yake. Ruwan da ya ratso ta cikin ƙasa yakan ɗebo sinadaran kalsiyam da maganiziyam, musamman inda akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ta Gwambe ko Malbaza ta Nijar don yin siminti. Irin wannan ruwa shi masana ke kira mai tauri, mu kuma mun fi saninsa da ruwan da ba ya kumfa. Idan lita guda na ɗauke da abin da bai wuce miligiram 60 ba, ruwan mai laushi ne. Daga 120 ya yi tauri, sama da 180 kuwa ya yi tauri ƙwarai. Duk ɗigon da ya bushe a kan gilashi, ruwan ne ke tafiya, sinadarin ya tsaya ya zama alli. Shi ne dai farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar dafa ruwa.

A yi lissafi a ga yadda yake taruwa. A ce ruwan gida na ɗauke da miligiram 200 a lita, kuma bayan kowane wanka ruwan da ke maƙale wa gilashi ya bushe a nan ya kai mililita 100, wato ƙasa da rabin kofi. Kowane wanka ya bar miligiram 20 ke nan. Mutum huɗu a gida, wanka ɗaya-ɗaya a rana, a shekara an tara kusan giram 30 na alli a shimfiɗe a kan ƙofa guda. Da hunturu abin ya fi sauri, don iska na busar da ɗigon kafin ya gangara.

Na biyu shi ne dauɗar sabulu. Sabulun wanka na dunƙule, har da sabulun salo, da mai ko kitse ake yin sa. Da ya haɗu da kalsiyam ɗin ruwa sai ya koma wani abu mai danƙo da ba ya narkewa, ya haɗa da maiƙon jiki da man shafawa ya manne. Abin da ke hana sabulu kumfa a ruwan rijiya ke nan: ruwan ne ke cinye wani kaso nasa kafin ya yi aiki. Bambance su ba wuya. A sa farce a kan busasshen gilashi. In abin ya kankaru da taushi, yana da santsi kamar kakin zuma, dauɗar sabulu ce. In yana da kaushi, farce na zamewa a kai ba ya cire komai, alli ne.

Alli tsami ke narkar da shi. Dauɗar sabulu kuwa tana son ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, wanda ba ya yin wannan danƙo da kalsiyam. Tunda maiƙon ne ke lulluɓe allin, dole a fara da shi, in ba haka ba tsamin zai yi ta gangarewa a kan maiƙo bai kai ga allin ba. Galibin masu cewa sun gwada binega ba ta yi ba, a nan suka yi kuskure, ko kuma sun fesa suka goge nan take.

Mu ɗauki ƙofar gilashi da ta shekara ba a kula da ita ba. A jiƙa ta da ruwan ɗumi, a zuba sabulun wanke-wanke kamar cokali guda a soso mai laushi, a bi ta daga sama zuwa ƙasa, a bar kumfar minti biyar, a ɗauraye. Yanzu sai tsami. Farar binega ta kanti tana da asid kusan kashi 5 cikin 100, kuma a gilashi ana iya sa ta yadda take ba sirki. Ni na fi son garin sitirik asid da masu haɗa lemo da zoɓo ke saya a kasuwa, don ba shi da warin da ke hawa kai, kuma ya fi araha idan gilashin na da faɗi. Cokali biyu babba, wajen giram 30, a rabin lita na ruwan ɗumi ya isa. Ruwan lemon tsami ma asid ɗin ke nan, sai dai a tace shi, kuma ƙofa guda za ta ci lemo da yawa.

Sirrin aikin shi ne tsamin ya zauna a jiƙe. Gilashi a tsaye yake, ruwa ba ya tsayawa a kansa, saboda haka a tsoma tsofaffin tsummoki marasa kauri ko takardar goge hannu a cikin ruwan tsamin, a manna su a jikin gilashin, su yi minti 15 zuwa 20. In sun fara bushewa a ƙara fesawa. Kada a bari tsamin ya bushe a kai, don allin da ya narke zai sake zama. Bayan nan a cire, a bi da soso mai laushi, a ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan a goge da busasshen ƙyalle. Sai gilashi ya bushe ake sanin gaskiyarsa. Jiƙaƙƙen gilashi kullum tas yake. Ƙofar da ta shekara da wuya ta fita a zagaye ɗaya, musamman daga tsakiya zuwa ƙasa inda ruwa ya fi fantsama. A maimaita sau biyu ko uku, ya fi a ƙara wa tsamin ƙarfi.

Akwai shawarar da ta yaɗu ta haɗa binega da bakar soda. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma alama ce ta cewa ɗaya ya kashe ɗaya, abin da ya rage ba shi da tsamin da zai ci alli. Bakar soda na da amfani ita kaɗai, a kwaɓa da ɗan ruwa a goge dauɗar sabulu mai kauri, a ɗauraye tas kafin a sa tsami. Kanwa da toka ma ba sa narkar da alli, kuma tsakuwar da ke cikin toka tana zana gilashi.

Famfo ya fi gilashi buƙatar lallaɓawa. Ƙyallin nan da ake gani fenti ne na ƙarfen kurom da aka shafa a kan nikel, a ƙarƙashi kuma tagulla ko wani ƙarfe mai araha, wani lokaci ma roba. Kaurin kurom ɗin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Soson ƙarfe da soson nan mai koren baya suna zana shi, kuma in ya zanu ba ya gyaruwa. Don haka a sirka binega da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tsumma a naɗe wuyan famfon da gindinsa, a bar shi minti 10 zuwa 15, a cire, a bi lunguna da tsohon burushin haƙori, a ɗauraye a goge. In ɓawon ya yi kauri, tsinken sakace ko gefen tsohon katin roba zai ɗaga shi bayan ya yi laushi. Kada a bar famfo ya kwana cikin tsami. Duk inda kurom ya ɗan tsage, asid zai shiga ya ci ƙarfen ciki, sai a ga fentin ya kumbura yana ɓarewa ko ya yi kore. Famfunan yayi masu baƙin fenti ko ruwan zinari sun fi wannan rauni. Su ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke kawai, in kuma dole ne a sa tsami, a fara gwadawa a bayan famfon inda ido ba ya kaiwa.

Idan ruwa ya fara fita a karkace ko yana fesuwa gefe, alli ne ya toshe 'yar ragar da ke bakin famfo. Ana kwance ta da hannu, ko da filaya bayan an naɗa tsumma don kada ta ciji ƙarfen. A jiƙa ta a kofin binega rabin awa, a goge, a mayar da ita tare da robarta. Kan shawa kuma a zuba sirkakkiyar binega a leda, a cusa shi ciki, a ɗaure da roba, bayan rabin awa a kwance a buɗe ruwa ya wanke hudojin.

Abubuwa biyu na da haɗari, kuma duka suna cikin kusan kowane banɗaki. Ruwan wanke masai irin su Hafik yana ɗauke da asid mai ƙarfi wanda ke cin alli nan da nan, shi ya sa wasu ke shafa wa famfo. Yana dusar da kurom ya bar masa baƙin tabo na dindindin. Na biyu ya fi muni: bilic irin su Haipo da Jik in ya haɗu da kowane irin tsami, binega ce ko ruwan wanke masai, yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, a ɗaki ƙarami marar taga kuwa tana iya kai mutum asibiti. Ranar da za a yi aikin tsami a ajiye bilic, a buɗe taga da ƙofa. A kuma duba daɓen: marmara da tarazo su ma dangin alli ne, tsami na cin fuskarsu, don haka a shimfiɗa leda a ƙasa. Simintin da ke tsakanin tayil ma a ɗauraye shi da kyau.

Wani farin kuma ba ya fita ko an yi zagaye uku. In gilashi ya bushe, ka shafa ka ji sumul amma hazon na nan, to ba alli ba ne. Ko dai silika ce daga ruwa, wadda binega ba ta narkarwa, ko kuma fuskar gilashin ce ta cinye saboda daɗewa. Wannan sai masu aikin gilashi su goge da garin da ake kira siriyam oksaid, ko a haƙura a canja ƙofar. Jan tabo ko ruwan ƙasa kuwa ƙarfe ne a cikin ruwan bohol, sitirik asid ya fi binega cin sa.

Bayan an sha wannan wahala, abin da zai hana ta dawowa shi ne kada a bar ruwa ya bushe a kai. A rataye abin share ruwa mai bakin roba, irin na yaran da ke wanke gilashin mota a danja, duk wanda ya gama wanka ya ja shi daga sama zuwa ƙasa, ya kuma goge famfo da busasshen ƙyalle. Sau ɗaya a mako a fesa sirkakkiyar binega a ɗauraye. Gidan da ruwansu ya yi tauri ƙwarai, komawa ga sabulun wanka na ruwa zai rage dauɗar sabulu sosai, ko da yake allin ba zai fasa zuwa ba sai an sa na'urar tausasa ruwa a bakin tanki.