Yadda Ake Furta "Seni Seviyorum" da "Saranghae" da Bakin Bahaushe

"Seni seviyorum" ita ce jimlar da Baturke yake faɗa wa matarsa, ita ma take faɗa masa, idan ana nufin "ina son ki" ko "ina son ka". Kalmomi biyu ne masu gaɓa shida: se-ni se-vi-yo-rum. Masu kallon finafinan Turkiyya a ƙasar Hausa sun sha jin ta, kuma da yawansu kan yi sha'awar faɗa wa abokin zama don faranta masa rai. Haddace jimlar ba ya ɗaukar minti guda. Aikin yana wajen furuci, domin harshen da ya tashi da Hausa yana da ɗabi'unsa, wasu su taimaka, wasu su karkatar da kalmar har mai harshen ya kasa gane ta.

Abin da ke cikin jimlar

Tun 1928 ake rubuta Turkanci da haruffan boko, guda 29, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kamar dai a rubutun Hausa. Saboda haka abin da ido ya gani shi baki zai faɗa.

Kalmar farko ta fito daga "sen", wato kai ko ke. Turkanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, don haka jimla ɗaya ta ishi miji da mata. Wasalin "i" da aka liƙa mata a ƙarshe shi ke nuna cewa wanda ake magana da shi ne son ya faɗa a kansa. Kalma ta biyu kuwa gutsure uku ne a haɗe: "sev" shi ne tushen so, "iyor" yana nuna abin yana gudana a yanzu, "um" kuma yana nufin ni. Abin da Hausa ke sa wa a gaba cikin "ina", Turkanci a wutsiyar kalma yake ajiye shi.

Sanin wannan yana da amfani ga mai furuci, domin ƙaramin kuskure a kan sauya ma'ana gaba ɗaya. Idan aka haɗiye "um" aka ce "seni seviyor", an ce wani ne ko wata ke son mai sauraro, ba mai magana ba. Idan kuma harafin "m" ya kutsa bayan "v" aka ce "seni sevmiyorum", an ce "ba na son ki". Tsakanin so da rashinsa a wannan jimla harafi ɗaya ne tak.

Wurare huɗu da baki ke tuntuɓe

Na farko shi ne "v", sautin da babu shi a Hausa. Bahaushe kan mayar da shi "b", sai a ji "sebiyorum". Ba ya wadatarwa a ce masa ya kwaikwayi "f", domin yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke yin "f", wasu ma kamar "p" ko "h" take fita a bakinsu. Hanyar da ta fi ita ce a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a saki iska ta ratsa tsakaninsu tare da murya. Madubi yana nuna gaskiya: in leɓɓa biyu sun haɗu, "b" aka yi. In an ɗora yatsa a maƙogwaro aka ji yana karkarwa yayin da iska ke fita ba tare da yankewa ba, to an sami "v".

Na biyu shi ne tsawon wasali. A Hausa, idan "e" ko "o" suka zo a tsakiyar kalma a ƙarshen gaɓa, ja ake yi musu, kamar a "leɓe" da "goro". Wannan ɗabi'a ke sa mai koyo ya ce "seeni seebiyoorum". In kuma ya yi ƙoƙarin gajartawa, sai "e" ta zame zuwa "a", kalmar farko ta koma kamar sunan Sani. Duk wasulan wannan jimla gajeru ne. Wasalin da ake nema a "se" shi ne irin wanda ke ƙarshen kalmar "gobe": gajere, amma "e" ne sak.

Na uku shi ne "m" na ƙarshe. Hausawa da dama ba sa rufe leɓɓa a ƙarshen "kullum" ko "malam". Sautin ta hanci yake fita daga can bayan baki, kamar ƙarshen "can" da "nan". Idan aka kai wannan ga Turkanci sai a ji "seviyorung", alhali wannan "m" shi ke ɗauke da ma'anar "ni". Maganinsa yana cikin kalmar "rumbu". A fara faɗin ta, a tsaya kafin "bu". Leɓɓa za su kasance a rufe, kuma abin da ya fito shi ne "rum" ɗin da ake so. Shi kuwa "r" a nan bugu ɗaya ne da kan harshe a bayan haƙoran sama, irin na "tara" ta ƙidaya, ba tare da an ja shi yana karkarwa ba.

Na huɗu shi ne inda murya ke hawa. Hausa tana da karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta. Turkanci kuwa gaɓa ɗaya yake bai wa ƙarfi a kalma. Yawanci ta ƙarshe ce, shi ya sa ake cewa se-NI. Amma a aikatau mai "yor", ƙarfin kan faɗa a gaɓar da ke gabansa: se-VI-yo-rum. Murya tana hawa a "vi", sannan ta gangara har ƙarshe, kusan yadda take hawa a "ba" ta sauka a "ya" cikin kalmar "tambaya". Wanda ya ɗaga murya a "rum" zai ji jimlar tasa ta yi kama da mai neman tabbaci, ba mai bayyana abin da ke ransa ba.

Yadda ake atisaye

A ɗauki misalin matar aure da take son faɗa wa maigidanta jimlar a ranar da suka cika shekara da aure, kuma saura kwana uku. A rana ta farko ba ta taɓa jimlar gaba ɗaya. Tana tsayawa gaban madubi ta yi "vi, vi, vi" har haƙora su saba da sauka a kan leɓe, sannan ta yi "rum" da leɓɓa a rufe.

A rana ta biyu tana gina kalmar daga baya zuwa gaba: rum, yorum, viyorum, seviyorum. Hikimar farawa daga baya ita ce wutsiyar kalma ce ake yawan haɗiyewa, don haka ita ya kamata ta fi shan maimaici, kuma gangarowar murya ba ta lalacewa idan aka ƙara gaɓa a gaba. Bayan nan sai ta jona "seni", ta faɗi duka da numfashi ɗaya, ba tare da tsayawa tsakanin kalmomin biyu ba.

A rana ta uku tana naɗar muryarta a waya, ta saurara, ta kwatanta da yadda wani ɗan wasan Turkiyya ya faɗa a fim. Kunne ba ya jin kuskuren baki a lokacin da ake magana, amma yana jin sa a naɗi. Abu huɗu take dubawa: shin "v" ya tsaya ko ya koma "b", shin an ja "se" ko "yo", shin leɓɓa sun rufe a ƙarshe, shin ƙarfin yana kan "vi". Duk wanda ya kauce, shi kaɗai za ta ware ta maimaita.

Maigidan da yake son mayar da martani zai ce "Ben de seni seviyorum", wato "ni ma ina son ki". In ana son ƙara "sosai", sai a sa "çok" a tsakiya: "Seni çok seviyorum". A nan akwai tarko ga mai karatun Hausa. Harafin "ç" mai wutsiya shi ne "c" na Hausa, kamar a "cokali". Shi kuwa "c" marar wutsiya "j" ake karanta shi. Saboda haka "canım", kalmar shagwaɓa mai nufin "raina", da "ja" take farawa. Wasalinta na biyu "ı" ne marar ɗigo, wanda ake yin sa kamar "u" amma ba tare da an zunɓura leɓɓa ba.

Idan Koriyanci aka zaɓa

Takwarar wannan jimla a harshen Koriya ita ce 사랑해, da ake rubutawa "saranghae" a boko. Rubutun nasu, Hangul, Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443. Gaɓa uku ce: sa-rang-hae. "Sarang" so ne, "hae" kuma aikatawa, ba a ma ambaton ni ko ke, domin yanayin magana ya riga ya nuna su.

A nan ɗabi'ar da ta zama cikas a Turkanci ita ce riba. Haruffan "ng" sauti ɗaya ne, kuma shi ne dai wanda Bahaushe ke yi a ƙarshen "can" da "nan". Ba a furta "g" daban, kuma ba a ƙara wasali a ce "sarangi". Haruffan "ae" su ma wasali ɗaya ne mai kama da "e", don haka "he" ake cewa, ba "hai" ba. Sautin "h" ɗin a tausashe yake, a magana mai sauri da ƙyar ake jin sa. Ba a ɗora ƙarfi a kan wata gaɓa ta musamman. Ukun tafiya ɗaya suke yi.

Abin kula a Koriyanci shi ne matakin girmamawa. "Saranghae" ta masu kusanci ce, kamar ma'aurata da suka saba. "Saranghaeyo" ta fi ladabi, ita ta dace idan wanda ake faɗa wa ya girmi mai magana ko sabo bai yi nisa ba. "Saranghamnida" kuwa ta taro ce da jawabi. Amsar ita ce "nado saranghae", wato "ni ma".

Ga bakin Bahaushe, "saranghae" ta fi sauƙin kamawa, domin babu sautin da zai koya daga tushe a cikinta, sai dai ya zaɓi matakin ladabin da ya dace. "Seni seviyorum" tana bukatar sabon sauti ɗaya da gyaran ɗabi'u uku, kuma wanda ya tsare "v", gajerun wasula, rufe leɓɓa da ƙarfin "vi" ya faɗi jimlar da duk Baturke zai gane.