Lissafin da ke Ƙarƙashin Shokazoba

Idan bakanike yana son gwada shokazoba, danna gefen motar yake yi da ƙarfi ya saki. Wata motar ta yi ta lilo sama da ƙasa, wata kuwa ta koma wurinta lokaci guda ta tsaya cak. Lambobi biyu kacal ne ke raba waɗannan halaye, kuma da biro da takarda ana iya nemo su.

Mu ɗauki nauyin jikin motar a matsayin 1 don sauƙi. Nisansa daga inda yake hutawa shi ne x, gudunsa kuma v. Sifirin yana jawo shi da ƙarfin 25x, shokazoba tana riƙe shi da ƙarfin cv. Saurin canjin x shi ne v, saurin canjin v kuma jimillar ƙarfin nan biyu ne:

```
x' = v
v' = -25x - cv
```

Matsalar ita ce kowane layi ya dogara da ɗan'uwansa, ba a warware ɗaya a bar ɗaya. Dabarar masana ita ce a nemi motsin da x da v suke raguwa tare da ma'auni guda, wato e^(λt). Wannan λ ita ake kira aiginbalyu, kuma a nan tana fitowa daga λ² + cλ + 25 = 0.

Bari mu ce c = 6. Sai a sami λ = -3 ± 4i, inda i take lambar da idan an ninka ta da kanta ake samun -1. Ɗalibai da yawa a nan suke tsorata, alhali amsar ta riga ta faɗi komai. Sashen -3 yana nuna yadda motsin ke mutuwa, sashen 4 kuma yana nuna saurin lilon. Ƙa'idar da Leonhard Euler ya wallafa a 1748 ce ke mayar da e^(4it) ta zama cos 4t + i sin 4t, sai a ɗauki ɓangarorin biyu a matsayin amsoshi biyu na zahiri. Idan an danna motar santimita 4 aka saki ba tare da turawa ba, amsar ita ce:

```
x = e^(-3t)(4 cos 4t + 3 sin 4t)
```

Ma'ana motar za ta wuce wurin hutawarta, ta ɗaga sama da kusan santimita 0.38 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, sannan ta dawo.

To, a ƙara wa shokazoba ƙarfi zuwa c = 10. Yanzu lissafin ya zama (λ + 5)² = 0, wato λ = -5 sau biyu. A ganina nan ne ainihin tarkon yake, domin lambar ta fi ta baya kyan gani, mutum sai ya saki jiki. Kowace aiginbalyu tana zuwa da aiginbekta, wato ma'aunin da ke tsakanin x da v, amma a nan guda ɗaya tak ake samu, u = (1, -5). Tsarin kuwa amsoshi biyu yake bukata, tunda abu biyu muka sani tun farko: nisa da gudu.

Abin da aka fi yi shi ne a ninka amsar farko da t a ce an gama. A gwada a gani: x = te^(-5t) da v = -5te^(-5t). Saurin canjin wannan x shi ne e^(-5t) - 5te^(-5t), wanda bai yi daidai da v ba. Akwai guntun da ya ɓace. Gyaran shi ne a nemi bekta ta biyu, w, wadda ta cika (A + 5I)w = u, inda A take jadawalin lambobin tsarin. Layin farko ya ba da 5w₁ + w₂ = 1, don haka w = (0, 1) ta wadatar. Amsa ta biyu ta gaskiya ita ce e^(-5t)(tu + w). Wannan sarƙar bektoci tana cikin aikin da Camille Jordan ya fitar a 1870.

Da dannawar santimita 4 ɗin nan, sai a sami x = (4 + 20t)e^(-5t). Wannan adadi ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, saboda haka babu lilo ko kaɗan. Bayan daƙiƙa ɗaya saura kusan santimita 0.16. Idan aka wuce 10, lambobin biyu sai su rabu, ɗaya ta matso kusa da sifili, motar ta riƙa jan jiki wajen komawa.

Ba kowace maimaitacciyar λ ce ke bukatar w ba. Idan A - λI ta fito sifili zalla, akwai aiginbekta biyu, kuma t ba ta shiga amsar. Haka nan shokazobar gaske ba ta bin cv daidai wa daida idan mota ta faɗa babban rami, lissafin ya fi dacewa da ƙaramin motsi. Mai karatu, duk amsar da ka samu, mayar da ita cikin layi biyun farko ka gani ko ta zauna kafin ka yarda da ita.